Saka katin banki a agogon hannu, da abin yi a mintunan farko idan agogon ya ɓace

Kafin ka taɓa wani maɓalli, akwai abu guda da ya kamata ya zauna maka a rai, domin duk sauran bayanin a kansa ya dogara: katin da ke cikin agogonka ba shi ne katin da ke aljihunka ba. Idan ka saka kati a agogo, lambar da ke rubuce a jikin katin ba ta shiga cikinsa. Banki da kamfanin katin ne suke ƙirƙiro wata lamba dabam, su ɗaure ta da wannan agogon shi kaɗai. Bari mu kira ta lambar wakili. A kayan Apple za ka ga sunanta `Device Account Number`. Duk lokacin da ka kara agogo a na'urar POS, wannan lambar ce ke fita, tare da wata shaida da ake ƙirƙira domin wannan cinikin kawai. Mai shago ba ya ganin ainihin lambar katinka.

Ribar wannan tsari ita ce, ranar da agogo ya ɓace za ka iya kashe wakilin ka bar katin aljihu yana aiki. Sai dai kuma katin da ka saka a waya bai shiga agogo ba, ko da su biyun a haɗe suke. Waya na da wakilinta, agogo na da nasa, kuma kowanne dabam ake saka shi, dabam ake cire shi. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa.

Zan bi hanyar Apple Watch daga farko har ƙarshe, saboda a kanta ne matakan suka fi fitowa fili, sannan in nuna inda agogunan Wear OS da na Garmin suka sha bamban.

Abin da za ka duba tun kafin ka fara

Dole agogon ya kasance yana da NFC, wato ɗan guntun rediyon da ke magana da na'urar biya daga tazarar da ba ta wuce kimanin santimita 4 ba. Akwai agogunan da suke ƙirga taku da bugun zuciya amma ba su da shi, kuma babu manhajar da za ta iya ƙara musu. Bayan haka, dole bankin da ya ba ka katin ya yarda da walat ɗin agogon. Alamar Visa ko Mastercard a jikin kati ba ta isa ba. Banki na iya karɓar Apple Pay ya ƙi Garmin Pay, ko ya yarda da wani nau'in katinsa ya hana wani. Shafin bankin ko layin kula da abokan hulɗa zai gaya maka a minti biyu, ka huta da ɓata yamma guda kana sake shigar da lamba. Sannan ka tabbata lambar wayar da banki ya sani ita ce a hannunka, domin can za su turo lambar tabbatarwa.

Makulli tukuna, kati daga baya

Agogon ba zai karɓi kati ba sai ka sa masa lambar sirri. A iPhone, buɗe manhajar `Watch`, shiga `My Watch`, sai `Passcode`, ka kunna. Zai nemi lambobi 4. Ina ba da shawarar ka kashe `Simple Passcode` ka sa 6. Na san allon ƙarami ne, yatsa na zamewa, amma ba kowane ciniki za ka riƙa bugawa ba. Sau ɗaya ne idan ka ɗaura agogon. Kada ka sa shekarar haihuwarka, kada kuma ka maimaita lambar sirrin katin ATM ɗinka ko ta wayarka. Wanda ya leƙo ɗaya kada ya samu duka.

A wannan shafin akwai `Wrist Detection`. Bar shi a kunne. Shi ne ainihin mai gadin kuɗinka. A bayan agogo akwai na'urorin da ke jin fata. Muddin agogon na manne da tsintsiyar hannunka bayan ka buga lambar sirri, a buɗe yake. Da zarar ya rabu da fata, sai ya kulle kansa. Saboda haka wanda ya tsinci agogon a kan tebur, ko ya fizge shi daga hannunka, abin da zai tarar allo ne mai neman lamba.

Gwada wannan da idonka, kada ka ɗauka haka yake. Ɗaura agogon, buɗe shi, kwance shi, jira 'yan daƙiƙu, ka taɓa allon. Idan ya nemi lamba, mai gadi na bakin aiki. Matsalar da aka fi gani kishiyar wannan ce: agogo yana ta kulle kansa alhali yana hannu. Yawanci madaurin ne ya yi sako-sako, ko bayan agogon ya yi datti, ko akwai zanen tawada mai duhu a fatar wurin. Mutum ya gaji, sai ya kashe `Wrist Detection` gaba ɗaya. Idan ka yi haka, agogon zai riƙa neman lambar sirri a kowane biya, wato za ka riƙa buga ta a gaban jama'a sau da yawa a yini, sannan ya daina kulle kansa idan an cire shi. Gara ka matse madaurin da huda ɗaya ko ka koma ɗaya hannun.

Akwai kuma `Erase Data`, wanda ke goge agogon idan an buga lambar da ba daidai ba sau 10. Ni ina kunnawa. Idan akwai yara masu wasa da shi a gida, ka auna.

Abu na ƙarshe kafin kati: buɗe `Find My`, manhajar neman na'urar da ta ɓace, a waya, shiga `Devices`, ka tabbata agogon ya fito a jerin. Idan bai fito yau ba, ba zai fito ranar da kake nemansa ba.

Saka katin

A manhajar `Watch`, shiga `Wallet & Apple Pay`, danna `Add Card`. Idan katin na cikin wayar tun da, za ka gan shi da `Add` a gefensa, sai a nemi lambobi 3 na bayan kati kawai. Idan sabo ne, ka nuna shi ga kyamara ko ka rubuta lambar da ranar ƙarewarsa da hannu. Za a nuna maka sharuɗɗan banki, ka amince, sai banki ya tantance ka: saƙon tes, imel, manhajar bankin, ko kiran waya. Kafin a gama wannan, katin zai bayyana a agogo amma ba zai biya ba. Idan ka ga kati yana nan amma yana cewa ana jiran tabbatarwa, ba agogon ne ya lalace ba, banki ne bai sake shi ba.

Wannan lambar tabbatarwa, kada ka karanta wa kowa ita a waya. Da ita ne ɗan damfara ke saka katinka a nasa agogon ko wayar, kuma daga nan ba ya bukatar katin kansa. Idan irin saƙon ya shigo alhali ba kai ka nema ba, wani ne ke ƙoƙarin yin hakan. Kira bankin da lambar da ke bayan katinka.

Da katin ya fara aiki, taɓa shi a `Wallet & Apple Pay` ka nemo `Device Account Number`. Lambobi 4 na ƙarshe za a nuna maka. Rubuta su a wani wuri da ba agogon ba, tare da sunan katin da lambar kiran bankin. Da wuya ka ga mai yin wannan, amma ranar ɓata su ne za su rage maka rabin wahala. Suna da amfani ko ba a yi ɓata ba: rasit ɗin da aka biya da agogo waɗannan lambobin yake ɗauka, kuma idan ka mayar da kaya su mai shago zai nema.

Kada ka loda duk katunanka. Ɗaya, ko biyu in ya zama dole. Ni kati ɗaya na saka, na asusun da nake zuba masa kuɗin kashewar mako, kuma alat ɗinsa a kunne yake ga kowane ciniki komai ƙanƙantarsa.

Biya kuwa ba wuya. Danna maɓallin gefe sau biyu a jere, katin zai fito a allo, ka kara fuskar agogon kusa da alamar igiyoyin nan da ke jikin POS, ka tsaya har ka ji ɗan girgiza da ƙara. Fuskar za ka kara, ba madauri ba, kuma kada ka yi saurin janye hannu. Yawancin "bai karanta ba" daga nan yake. Girgizar na nufin agogo ya miƙa bayanansa ne kawai. Ko banki ya biya ko ya ƙi, allon POS ne zai faɗa. Ka yi gwajin farko da ƙaramin ciniki, katin aljihu na tare da kai.

Lura da wannan, domin zai dawo a batun ɓata: Apple Watch na iya biya ko wayar ba ta kusa, ko babu intanet a agogon. Na'urar mai shago ce ke magana da banki. Don haka kashe wayarka ko nisanta da agogon ba ya hana shi biya.

Sai `Express Mode`, wanda aka yi domin ƙofofin jirgin ƙasa da bas a biranen da suke da tsarin. Katin da aka sa a wannan yanayi yana wucewa ba tare da danna maɓalli sau biyu ba. Idan ba ka hawa irin waɗannan, duba `Express Transit Card` ka mayar da shi `None`.

Inda sauran agoguna suka bambanta

A agogunan Wear OS, manhajar `Google Wallet` ake buɗewa a agogon kansa, ta sa ka kafa makullin allo, sannan ta tura ka waya ka ƙarasa shigar da kati da tantancewar banki. Galaxy Watch na iya amfani da ita ko da `Samsung Wallet`. Wajen biya, sai ka buɗe walat ɗin katin ya fito a allo kafin ka kara.

Garmin kuwa daga manhajar `Garmin Connect` ake kafa `Garmin Pay`, da lambar sirri mai lambobi 4. Idan ka buga ta sau ɗaya, za ka iya biya har awa 24 ba tare da sake bugawa ba, muddin ba ka cire agogon ba kuma ba ka kashe ma'aunin bugun zuciya ba. Idan aka buga kuskure sau 3, walat ɗin ya kulle, sai an sake saita shi daga waya. Bayan ka buɗe katin kana da daƙiƙa 60 ka kara.

Agogo ya ɓace

Bari mu bi misali guda dalla-dalla. A ce ka je wurin motsa jiki da yamma. Ƙarfe 6:10 ka kwance agogon a ɗakin canza kaya, ka ajiye a kan benci, ka shiga wanka. Ƙarfe 6:50, kana hanyar gida, ka ɗaga hannu ka duba lokaci, sai ka ga fata kawai. Wayarka na aljihu. Kati ɗaya ne a agogon.

Tambayar farko ba "ina yake?" ba ce. Tambayar ita ce, ko wani ya san lambar sirrin? Agogon ya kulle tun 6:10 da ya bar hannunka. Idan lambar mai 6 ce kuma da safe a ɗakinka ka buga ta, wanda ya ɗauka ba shi da hanyar biya, kana da sararin yin abu a natse. Idan kuwa ka tuna ka buga ta a ɗakin canza kayan, mutane na tsaye a bayanka, ko lambar 1234 ce, to ka ɗauka kamar katinka ne a hannun wani, ka fara da banki.

Ka tsaya inda kake, ka buɗe `Find My`, `Devices`, ka taɓa agogon, ka kunna `Mark As Lost`. Zai nemi lambar wayar da za a nuna a allon agogon da ɗan saƙo. Wannan mataki ɗaya yana kulle agogon, yana kuma dakatar da katunan Apple Pay da ke cikinsa. Abin da ya sa nake fifita shi a kan komai shi ne, dakatar da katin banki ba ya jiran agogon ya hau intanet. Ana kashe wakilin ne daga ɓangaren banki da kamfanin kati, saboda haka ko agogon na cikin jakar wani ba sigina, idan aka kara shi a POS ba za a amince ba. Ko da ka ga `Pending` a ƙarƙashin umarnin, wannan na nufin saƙon kullewa bai kai ga agogon ba tukuna. Katunan sufuri masu ɗauke da kuɗinsu a cikin na'urar ne kaɗai suke iya jira sai agogon ya hau intanet. Idan kana da irinsu, ka tuntuɓi kamfanin sufurin.

Dakatarwa ba gogewa ba ce. Idan ka koma ka tarar da agogon a wurin mai kula da ƙofa, ka buga lambar sirri, ka kashe `Mark As Lost`, katin zai dawo. Wani lokaci sai ka sake shigar da kalmar sirrin asusunka na Apple. Shi ya sa babu dalilin jinkiri. Mutane kan ce bari in koma in duba tukuna, su ɓata minti 40 a hanya, alhali dannawar ba ta kai minti ɗaya ba kuma ana iya warware ta.

Idan wayar ma ta tafi tare da agogon, ari wata waya ko kwamfuta ka shiga:

```
icloud.com/find
```

Daga nan za ka iya yin abu ɗaya ga su biyun. Ka fita daga asusun idan ka gama.

Yanzu ka buɗe manhajar banki ka duba abin da ya fita daga 6:10 zuwa yanzu. Idan babu komai, madalla, amma ka sake dubawa gobe da jibi, domin wasu cinikayya, musamman na sufuri, sukan makara kafin su bayyana. Idan ka ga abin da ba kai ka yi ba, daskarar da katin a manhajar nan take, sannan ka kira.

Kiran bankin nan yana da dabara. Idan ka ce "katina ya ɓace", ma'aikacin zai soke katin aljihunka, ka zauna kwanaki kana jiran sabo, duk biyan wata-wata da ka ɗaura a kansa ya tsaya. Abin da za ka ce shi ne: katina na hannuna, agogon da na saka shi ne ya ɓace, ina so a kashe lambar na'urar da ta ƙare da kaza. A nan ne lambobi 4 ɗin da ka rubuta suke aiki, domin a gabansa zai ga wakilai biyu ko uku, na waya da na agogo, wataƙila har da na tsohuwar wayar da ka manta. Ka tambaye shi kai tsaye ko daskararwar da ka yi a manhaja ta haɗa da wakilan walat, ka karɓi lambar ƙorafin, ka rubuta lokacin da ka kira. Idan daga baya aka yi jayayya kan wani ciniki, wannan lokacin ne zai raba abin da ya faru kafin ka kai rahoto da wanda ya faru bayansa.

Sai bayan duk wannan ka koma kan taswira. `Play Sound` na taimakawa idan agogon na kusa, ƙarƙashin benci ko cikin jakarka (ya sha faruwa). Idan taswirar ta nuna shi yana tafiya, ko ya tsaya a wani gida da ba ka sani ba, kada ka bi shi da kanka. Ɗauki hoton allon, ka haɗa da lambar jikin agogon da ke kan kwalinsa, ka kai wa 'yan sanda. Idan agogon mai layin waya ne a cikinsa, ka sa kamfanin layin ya dakatar da shi.

Kuskuren da ba ya gyaruwa

Bayan kwana biyu ko uku, idan ka fidda rai, ka cire katin gaba ɗaya. Ana yi daga `account.apple.com`, sashen `Devices`, ka zaɓi agogon ka cire katunansa, ko ka sa banki ya yi. Sannan ka danna `Erase This Device` a `Find My`, wanda zai goge agogon da zarar ya hau intanet.

Amma kada ka danna `Remove This Device`, kada kuma ka raba agogon da asusunka domin ka "tsabtace" jerin. Gogewa dabam, cirewa dabam. Muddin agogon na cikin asusunka, `Activation Lock` na kansa: ko an goge shi, ba mai iya haɗa shi da wata waya sai da kalmar sirrinka. Ranar da ka cire shi, ka miƙa wa wanda ya ɗauka agogo mai aiki, a shirye don sayarwa.

Masu wannan sana'a sun san haka, shi ya sa bayan 'yan kwanaki saƙo kan shigo lambar da ka sa a allon agogon: wai an gano na'urarka, shiga wannan adireshi ka ga inda take. Shafin zai yi kama da na gaske, ya nemi kalmar sirrinka. Wani kuma zai kira da murya mai daɗi ya ce ya saya bai sani ba, ka taimaka ka cire shi daga asusunka. Kada ka bi adireshin da ya zo a saƙo. Buɗe `Find My` da kanka, duk abin da ke gaskiya yana can. Saboda wannan ma na fi son a sa lambar wani na kusa a allon, wanda ba shi da kalmar sirrin da za a yaudare shi ya bayar.

Idan agogonka ba na Apple ba ne

A Wear OS ana shiga `android.com/find` ko manhajar `Find Hub`, a kulle agogon ko a goge shi. Masu Galaxy Watch suna da kuma hidimar neman na'ura ta Samsung. Sai dai umarnin kullewa da gogewa yana aiki ne idan ya isa agogon, kuma agogon da ya rabu da wayarsa, ba shi da layi ba shi da Wi-Fi ɗin da ya sani, ba zai ji ba. Alhali kuwa `Google Wallet` na iya yin wasu 'yan biya ba tare da intanet ba. Don haka a nan na kan juya tsarin: banki tukuna, a kashe wakilin agogon, sannan taswira.

A Garmin ma haka. Akwai wurin dakatar da kati ko cire shi a `Garmin Pay` cikin `Garmin Connect`, ka yi shi, amma ka kira banki a kai. Lambobi 4 ne kawai ke tsare walat ɗin, kodayake kuskure 3 ke kulle shi.

Idan ka sayi sabon agogo, kada ka yi tsammanin katin zai dawo da kansa daga ajiyar bayanan tsohon. Fuskokin allo da saitunan za su dawo, katin kuwa sai ka sake sakawa, banki ya sake tantance ka, a ba sabon agogon wakili nasa. Lambobi 4 na ƙarshe za su canza, sai ka gyara takardar nan da ka rubuta, ka soke na tsohon.